Amsar Kuskure Ce Take Tona Asirin Mai Satar Jarrabawa

Ranar 31 ga Janairun 2024, hukumar da ke shirya jarrabawar USMLE ta sanar da cewa ta soke sakamakon wasu likitoci masu alaƙa da ƙasar Nepal. Wannan jarrabawa mai matakai uku ita ce ƙofar da yawancin likitoci ke bi kafin su sami lasisin duba marasa lafiya a Amurka. Daga baya takardun kotu suka nuna mutum 832 abin ya shafa. Wasunsu sun daɗe da cin jarrabawar, sun sha barka, har sun fara aikin neman ƙwarewa a asibitocin Amurka.

Abin mamakin shi ne babu wanda aka kama da takarda a cikin safa ko rubutu a cinya. Kowa ya shiga ɗaki an caje shi, ya zauna gaban kwamfuta kyamara na kallonsa, ya gama ya fita lafiya lau. Amsoshin da suka bari a cikin na'ura ne suka ba da shaida a kansu.

Yadda tambayoyin ke fita ba wani siddabaru ba ne. Wanda ya fito daga jarrabawa zai zauna tun kansa da zafi ya rubuta duk abin da ya tuna. Wani ya kawo goma, wani ashirin, a zuba a wani zaure na Telegram. Da yake hukumar tana maimaita tambayoyi daga rumbunta, cikin 'yan watanni sai a tara kundi guda. A nan matsalar take: mai tunawa tambaya ya gani, bai ga amsar da hukuma ta ajiye ba. Don haka 'yan zauren ne ke yanke amsa da kansu, wani lokaci su dace, wani lokaci su kauce. Duk wanda ya haddace kundin ya haddace har da kurakuransa.

Mutum biyu su yi tarayya a amsar daidai ba abin zargi ba ne, ai gaskiya ɗaya ce. Tarayya a kuskure ita ce magana. A ɗauki tambaya mai zaɓi biyar: ɗaya daidai, huɗu kuskure. Idan mutum biyu da ba su san juna ba suka faɗi tambayar, kuma canki-canka suka yi, damar su faɗa kan kuskure iri ɗaya ɗaya ce cikin huɗu. A tambaya biyu jere, ɗaya cikin 16. A tambaya goma, ɗaya cikin 1,048,576. Gaskiya ne lissafin masana ya fi wannan zurfi, domin akwai amsar kuskuren da ta fi 'yan uwanta jan hankali, kuma waɗanda suka yi makaranta ɗaya kan yi tuntuɓe a wuri ɗaya. Shi ya sa hukumar ta kafa ma'auni mai tsauri: kamannin da damar faruwarsa bisa katari ba ta kai ɗaya cikin miliyan 100 ba.

Sai kuma agogo. A 2024, matakin farko na USMLE kan kai tambaya 280, an kasa su kashi bakwai, kowane kashi awa guda. Wato daƙiƙa 90 ke nan ga kowace tambaya, kuma yawancinsu dogon labarin majinyaci ne, da shekarunsa da zafin jikinsa da sakamakon gwajin jininsa. Kwamfuta tana rubuta lokacin da aka ɓata a kan kowacce. Wanda ya danna amsar daidai kafin mai saurin karatu ya kai tsakiyar labarin, kuma ya yi ta maimaita haka, ya gane tambayar ne, bai warware ta ba.

Akwai tarko na uku da manyan jarrabawa da yawa ke ɗanawa. Ana cusa sababbin tambayoyi da ba su taɓa fita ba a tsakanin tsofaffi, mai rubutawa bai san wacce ce wacce ba. Mai ilimi na gaske yakan yi kusan daidai a duka biyun. Mai hadda kuwa sai ya yi fintinkau a tsofaffi, ya faɗi warwas a sababbi. Bayan wannan, hukumomi suna karɓar tsegumi, kuma suna da mutanen da ke shiga irin waɗancan zauruka a matsayin ɗalibai.

Ɗaya daga cikin likitocin ta kai ƙara kotun tarayya a Washington, tana cewa an yi musu kuɗin goro ne saboda asalinsu. Ƙorafi ne mai nauyi, domin lissafi ba ido ba ne, kuma wanda aboki ya tura wa “tambayoyin gwaji” yana iya rantsuwa bai san na sata ba ne. Amma a Fabrairun 2024 alƙali ya ƙi amincewa da buƙatarta ta gaggawa ta a maido da sakamakon.

Me ya sa hukuncin yake da zafi haka? Takardar shaida ba kyautar ƙoƙari ba ce. Hukuma ce take sa sunanta tana ce wa jama'a ta auna wannan mutum, ya iya. Idan ta gano ma'aunin ya gurɓata, ba lallai sai ta tabbatar da mugun nufi ba, ya ishe ta ta ce ba ta ƙara tsaya wa wannan maki. Ga kuma yarjejeniyar da ake nuna wa kowa kafin tambayar farko, wadda yawanci ake dannawa ba a karanta ba. A cikinta mutum ya yi alkawarin ba zai nemi tambayoyi ba, ba zai fitar da su ba, ya kuma yarda a soke sakamakonsa ko bayan shekaru. Tambayoyin kansu dukiya ce mai haƙƙin mallaka: ƙwararru ne suka rubuta, aka tace, aka gwada su a kan ɗimbin mutane. Wadda ta fita ta mutu.

Hukumar ba likitocin ciki shaidar ƙwarewa a Amurka, ABIM, ta nuna hakan a 2010. Ta maka wani kamfanin share fagen jarrabawa na jihar New Jersey, Arora Board Review, a kotu, ta sami izinin ƙwace takardunsa da saƙonninsa na imel. A ciki ta ga likitocin da suka aika da tambayoyin da suka tuna da waɗanda suka nema. Likita 139 ta hukunta, wasu da dakatar da shaidarsu na shekaru.

A fagen kwamfuta, inda matasanmu da yawa ke neman shaida, abin ya fi kusa da gida. Shafukan da ke tallan `braindump` ko `exam dumps` suna sayar da tambayoyin sata ne da alkawarin ci ko a maido da kuɗi. Dokar Microsoft ta ce wanda aka gano ya yi shiri da irinsu ana iya ƙwace shaidarsa, a kuma haramta masa jarrabawar kamfanin har abada, ko da bai yi da niyyar zamba ba.

Saboda haka mai shirin jarrabawa ya duba abin da aka tura masa. Idan an ce tambayoyin “na ainihi” ne, ko “sun fito makon jiya”, ko ya ga hoton allon jarrabawa da aka ɗauka da waya, ya goge shi, ya fice daga zauren, ya nemi tambayoyin gwajin da hukumar ta wallafa da kanta.