Yadda Ake Kore Zance Mai "Kowane" da "Akwai" a Ilimin Manɗiƙi

A ilimin manɗiƙi, kore zance shi ne a kawo wani zancen da yake zama gaskiya a duk inda na farkon ya zama ƙarya, ya kuma zama ƙarya a duk inda na farkon ya zama gaskiya. Ba sa haɗuwa a kan gaskiya, ba sa haɗuwa a kan ƙarya. Wanda ya karanta Sullam na Shehu Ahalari, malamin ƙarni na 16, ya san tushen abin: ana warware kulliyya mai tabbatarwa ne da juzu'iyya mai korewa. Bahaushe ma yana rarrabe "ba duka suka zo ba" da "duk ba su zo ba". Na farkon ne yake kore "duk sun zo", domin mutum ɗaya ya ƙi zuwa ya isa.

Aikin yana ƙara wuya idan kalmomin adadi biyu suka shiga cikin juna, tsarin da Gottlob Frege ya shimfiɗa a 1879. Masu lissafi suna rubuta "kowane" da alamar ∀, "akwai" da ∃, korewa kuma da ¬.

Ga misali daga ƙaramar hukumar Ajingi mai mazaɓu goma. A ɗauka an kawo rahoto cewa: "Kowace mazaɓa akwai malamin gonan da ya ziyarce ta." Idan x mazaɓa ce, y malamin gona, Z(y,x) kuma na nufin y ya ziyarci x, ga yadda korewar take tafiya:

```
¬∀x ∃y Z(y,x)
∃x ¬∃y Z(y,x)
∃x ∀y ¬Z(y,x)
```

Ana tura alamar korewa ne daga hagu zuwa dama, taki ɗaya bayan ɗaya. Duk "kowane" da ta tsallake ya koma "akwai", duk "akwai" ya koma "kowane", har ta sauka a kan aikin kansa. Sakamakon a Hausa shi ne: "Akwai mazaɓar da babu malamin gonan da ya taka ta."

Kuskure na farko shi ne wuce gona da iri. Ɗalibi yakan ce korewar ita ce "babu mazaɓar da aka ziyarta", wato ya juya alama ta biyu ya bar ta farko yadda take. Idan an je mazaɓu tara an bar Toranke, rahoton ƙarya ne, maganar ɗalibin ma ƙarya ce. Tunda sun haɗu a kan ƙarya, wannan ba korewa ba ce.

Na biyu shi ne sauya wa x da y wuri. "Kowace mazaɓa akwai wanda ya ziyarce ta" daban yake da "akwai malami ɗaya da ya ziyarci kowace mazaɓa". A gwada da mazaɓu biyu da malamai biyu: na farko ya je Balare kawai, na biyu ya je Toranke kawai. Zance na farko gaskiya ne, na biyu ƙarya, don babu wanda ya zaga duka. Korewar na biyun ita ce "kowane malami akwai mazaɓar da bai je ba", kuma ita ma gaskiya ce a wannan hali. Wanda ya ɗauke ta a matsayin korewar rahoton, sai ya ga zance da korewarsa duk sun tabbata, alamar an yi tuntuɓe ke nan. Alamomin ne suke juyawa, jerin haruffan yana nan daram.

Na uku yana ɓuya a cikin sharaɗi. A ce: "Kowace mazaɓa, idan an ziyarce ta, an raba mata taki." Da yawa sukan kore shi da "akwai mazaɓar da idan an ziyarce ta ba a raba mata taki ba". Matsalar ita ce, a manɗiƙi zance mai sharaɗi gaskiya ne muddin sharaɗin bai auku ba, don haka mazaɓar da ba a je ba sam za ta gaskata wannan magana ba tare da ta ƙaryata komai ba. Korewar P → Q ita ce P ∧ ¬Q: "Akwai mazaɓar da aka ziyarta, amma ba a ba ta taki ba."

Na huɗu shi ne kore iyakar da ake magana a cikinta. Idan zancen a kan mazaɓun Ajingi ne, korewarsa ma a kansu take. Kawo wata mazaɓa ta Gaya da ba a ziyarta ba bai taɓa rahoton ba.

Hanyar tantance amsa ba ta da tsada. A zana ƙaramin hali mai mazaɓu biyu da malamai biyu, a riƙa sauya wanda ya je ina, a auna zancen da korewarsa kowane karo. Idan aka sami hali ɗaya tak da suka zama gaskiya tare, ko ƙarya tare, korewar ba daidai ba ce.