Kofin "decaf" ma yana da kafeyin, sai dai ɗan kaɗan ne

Tambayar yau: kofin nan da ake rubuta wa "decaf" a jikin gwangwani, wato wanda aka cire wa kafeyin, shin babu sinadarin ko ɗigo a cikinsa?

Akwai shi. Tun waken kofi yana ɗanye ake jiƙa shi, a janye kafeyin da ruwa ko wani sinadari, amma ba ya fita duka. Yawanci kusan kashi 97 cikin 100 ake cirewa.

To mu yi lissafi. Kofi ɗaya na wanda muka saba sha, kamar mililita 240, yana ɗauke da wajen miligiram 95. Na "decaf" kuwa daga miligiram 2 zuwa 15 ne, gwargwadon kamfani da yadda ka cika cokali. A ce naka yana da 5, sai ka shanye kofi 19 kafin ka kamo guda ɗaya na asali. Wa zai iya?

Saboda haka in don barci ka koma kansa, da wuya ya hana ka runtsawa. Amma wanda likita ya ce ya bar kafeyin kwata-kwata saboda bugun zuciya, kada wannan rubutu na jikin gwangwani ya ruɗe shi, ya fara tambayar likitan tukuna. Kuma ya tuna baƙin shayin mai shayi da goro, kowannensu ya fi "decaf" kafeyin nesa ba kusa ba.