Uwargida, Saya wa Mai Neman Aikin Gidanki Littafin Bibiya

Da wuya ki shiga gida a Funtuwa, Malumfashi, Bakori ko Ƙafur ba ki tarar da mai takardar NCE ko difloma ko digiri yana zaman jiran aiki ba. Wata ’yarki ce, wani ɗanki ne da ya gama hidimar ƙasa, wata kuma ke ce da kanki. In kika tambayi mai neman wurare nawa ya kai takarda, amsar da za ki ji ita ce, “Ai da yawa.” In kika ƙara da cewa wace rana ya kai, wa ya karɓa, yaushe aka ce ya koma, sai ya fara sosa ƙeya. To a nan ne ayyuka da dama suke suɓucewa. Maganin da zan ba ki bai wuce littafin rubutu guda ɗaya mai falle sittin, da biro, da zaman minti goma sha biyar a kullum ba. Zan yi bayanin ne da ’ya mace, amma ɗa namiji ma haka zai yi.

Kashi na farko: takardun da aka kai

Ki sa ta raba littafin kashi uku. Kashin farko rajista ce, kowace takardar neman aiki layi ɗaya da lambarta. A layin za ta rubuta ranar da ta kai, sunan wurin, aikin da ta nema, da wanda ya karɓa. Wannan na ƙarshen kada ta raina shi. Takardar da aka miƙa wa shugaban makaranta hannu da hannu daban take da wadda aka bar wa mai gadi a bakin ƙofa, domin ta biyun tana iya yin wata guda a aljihun tebur ba wanda ya buɗe ta.

Idan ta intanet aka cike fom, ta rubuta lambar da aka ba ta, da adireshin imel da lambar wayar da aka shigar. Sau da yawa mai shagon kwamfuta ne yake cike wa ’ya’yanmu, don sauri sai ya sa imel ɗinsa ko ya buɗe sabo bai faɗa mata kalmar sirrin ba. Ranar da aka turo gayyatar jarrabawa, saƙon yana can inda ba ta gani. Kada ta bar shagon sai an buga mata takardar shaidar cikewa, ta kuma buɗe imel ɗin da hannunta ta ga yana shiga. Kalmar sirrin kuwa a rubuta ta a wata takarda daban, ki ajiye mata a ɗakinki.

A bangon littafin daga ciki, ta jera takardun da ake yawan tambaya: sakamakon sakandare, takardar shaidar kwaleji, takardar haihuwa, takardar ’yar asalin ƙaramar hukuma, lambar NIN, sai rajistar hukumar malamai ta TRCN ga mai neman koyarwa. Ta duba ko sunanta da ranar haihuwarta iri ɗaya ne a dukkansu. In akwai saɓani, gyaransa shi ne aikin makon farko, tun kafin a kira ta tantancewa.

Kashi na biyu: ranar komawa

Wannan kashin shi ne zuciyar littafin. Ƙa’idar ita ce, ba a rufe layin takarda sai an rubuta masa ranar bibiya a daidai lokacin da aka kai ta. Ga takardar da aka kai da hannu, kamar makarantar kuɗi ko kantin magani ko shagon taki da iri, a ba ta kwana bakwai. In ta koma aka ce a saurara, ta ƙara kwana goma sha huɗu. In ta koma na biyu ba wata magana, ta ja layi ta rufe, ta mai da ƙarfinta wani wurin. Komawa ta uku da ta huɗu ɓarnar kuɗin mota ce, kuma tana zubar da ƙima.

Aikin gwamnati ba a bibiyarsa da sintiri a ofis. Bibiyarsa ita ce duba imel da saƙonnin waya a ranaku biyu tsayayyu, misali Litinin da Alhamis, da sauraron sanarwa a rediyo, da rubuta ranar rufe karɓar fom da jan biro. Irin wannan ƙofa ba kullum take buɗe ba. Shirin N-Power da aka fara a 2016 gwamnatin tarayya ta dakatar da shi a watan Oktoban 2023. Saboda haka wadda ta cike fom ɗaya ta naɗe hannu tana jira, tana iya shekara tana jiran abin da ya riga ya tsaya. Layin gwamnati ya kasance ɗaya daga cikin layuka da yawa.

Ki lura kuma, a yankinmu ranar bibiya tana bin lokacin shekara. Makarantun kuɗi suna neman malamai ne a hutun ƙarshen shekara, kafin komawa a Satumba. Masu sayar da taki da iri da maganin feshi suna ƙara hannu gab da damina. Masu sito da dillalan masara da waken suya da auduga kuwa sai kaka ta yi suke bukatar mai rubuta awo da lissafin buhuna. Idan an ce mata, “Ki dawo da kaka,” ba kora ba ce. Ta rubuta ranar a littafi, ta koma ana saura mako biyu kaya su fara shigowa.

Ga ’ya mace akwai ƙarin sharaɗi. Bibiya a ofis ake yin ta, a lokacin aiki. Duk wanda ya ce ta same shi a gida ko a masauki, ko ta zo bayan an tashi, a rufe layinsa nan take. Haka wanda ya ce a tura kuɗi asusunsa zai samo gurbi. Kuma saboda halin da hanyoyinmu suke ciki, a tara bibiyar gari ɗaya a rana ɗaya, a fita da safe a dawo da rana tsaka. Matar aure ta nuna wa maigida ranakun fitar tun farkon mako, don kada abin ya zo masa ba-zata.

Kashi na uku: abin da aka gwada yau

A ƙarshen littafin za ta riƙa rubuta abin da ta koya a ranar, amma da adadi. “Na yi karatu” ba rubutu ba ne. Abin da ake so shi ne, “Na amsa tambayoyin lissafi 20 cikin minti 25, na ci 13,” ko “Na rubuta tsarin darasi ɗaya na aji huɗu, na koyar da ƙannena na minti goma,” ko “Na buga kalma 15 a minti ɗaya a kwamfuta.” Adadin shi zai nuna ko ana gaba ko ana tsaye. Kada a ɗauka takardar shaida kaɗai ta isa. A 2023, lokacin da gwamnatin Jihar Katsina ta ɗauki malamai sama da 7,000, sai da aka yi wa masu nema jarrabawa. Wadda ta shekara biyu ba ta buɗe littafi ba, ba a mako ɗaya za ta farfaɗo ba.

Yadda za ki yi zaman

Ki zaɓi lokaci ɗaya, bayan cin abincin dare ya fi dacewa. Tambaya uku kawai za ki yi mata: me kika kai yau, wa za a koma wa gobe, me kika gwada? Ta amsa tana nuna miki a littafi. Ko ba ki karanta boko, za ta iya karanta miki. Abin da yake kashe wannan zama shi ne gori. Ranar da kika haɗa shi da zancen ’yar maƙwabta da ta samu aiki, daga ranar za a fara cika miki littafin da abin da ba a yi ba. In ba ta yi komai ba, ta rubuta “babu”, a kwana a haka. Wannan “babu” ɗin ma bayani ne.

Mu buga misali

A ce ’yarki mai NCE ta buɗe littafinta ranar Litinin 4 ga Agusta. A mako huɗu ta kai takarda 12: takwas a makarantun kuɗi, uku wurin masu sito, ɗaya ta intanet. Ranar Juma’a 29 ga wata kuka zauna ƙidaya.

Cikin makarantu takwas, ta koma biyar a ranar da ta rubuta, uku daga ciki suka kira ta gwajin koyarwa. Sauran ukun da ba ta koma ba shiru. Da kuka duba layin wanda ya karɓa, sai kuka ga biyu daga cikinsu mai gadi ta bai wa. Ke nan ba ƙin ta aka yi ba, wataƙila takardar ba ta ma kai ciki ba. Aikin Litinin shi ne ta sake kai su da hannunta. Masu sito ukun sun ce sai kaka, don haka aka mayar da ranarsu 1 ga Oktoba.

Saura gwajin. Ta yi biyu ba a ɗauke ta ba, na uku yana nan 3 ga Satumba. Kuka juya ƙarshen littafi, kuka tarar cikin kwana ashirin na aiki, kwana 14 bugun kwamfuta ta yi, gwajin koyarwa kwana 2 kacal. To ga inda gizo yake saƙar: tana neman aikin allo, tana horo a kan na kwamfuta. Kwanakin da suka rage, kullum ta rubuta tsarin darasi, ta tsaya gaban yaran gidan ta koyar da Turanci da babbar murya, wani ya riƙe mata agogo.

Da haka za ki riƙa karanta littafin kowane ƙarshen mako. Idan takardu sun yi kaɗan, matsalar fita ce. Idan an kai goma an bibiya ba wanda ya kira, a kai takardar neman aikin wurin wani tsohon malami ya duba rubutun, a kuma duba ko ana kai ta inda ake da gurbi kuma a kan lokaci. Idan ana kira ana faɗuwa, gyaran yana kashi na uku.

Littafin ba ya ƙirƙiro gurbin da babu, ba ya kuma hana a fifita mai uwa a gindin murhu. Akwai wadda za ta cika shi tsaf ta yi wata shida ba a kira ta ba. In haka ta faru, shi ne zai ba ku hujjar sauya shawara, ko ta fara koyar da yaran unguwa darasin yamma, ko ta koma ƙaro karatu, ba tare da kowa ya ce ba ta yi ƙoƙari ba. Allah Ya ba ’ya’yanmu abin yi na halal, amin.