Gaisuwar da Kowa Zai Ce Amin

A ƙarshen shekara bukukuwa uku ke bin juna a Damagaram: ranar Jamhuriya 18 ga Disamba, Kirsimeti 25 ga wata, sai sabuwar shekara. A nan ne shugaban ma'aikata ko mai makaranta ke rasa ta cewa, domin masu saurarensa yawanci Musulmi ne, amma akwai Kirista a cikinsu, ƴan ƙasa da baƙi daga Benin da Togo. Garin da ya ga ƙone-ƙonen coci a ranar 16 ga Janairun 2015 ya san nauyin kalma.

Kuskure na farko shi ne kewaye-kewaye. Sai ka ji an ce "barka da wannan lokaci", kamar sunan bikin abin kunya ne. Wanda aka yi domin shi ba ya jin an gaishe shi. Ai ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, ba wanda ke cewa "barka da lokaci". Barka da Sallah ake cewa.

Na biyu shi ne shigar da aƙida cikin gaisuwa. Idan ka ce "bikin haihuwar Ɗan Allah", Musulmi ba zai amsa ba. Idan ka ce "Maulidin Annabi Isa", ka sake wa Kirista sunan bikinsa da ma'anarsa, ga shi kuma ko a cikin Musulmi akwai waɗanda ba sa yin Maulidi. Gaisuwa ba wa'azi ba ce.

Mafita ita ce a kira bikin da sunan da masu shi ke kiran sa, a faɗi su wa ake taya murna, sannan a rufe da addu'ar da ta haɗa kowa. Hausa ta sauƙaƙa mana wannan, domin Musulmi da Kirista duk "Allah" suke cewa. Ga misali:

"Jama'a, barkanmu da ranar Jamhuriya. Ƴan'uwanmu Kirista, muna taya ku murnar Kirsimeti, a yi biki lafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya, ya kai mu baɗi."

A lura da "mu" da "ku". Jamhuriya ta kowa ce, shi ya sa aka ce "barkanmu". Kirsimeti na masu shi ne, sai aka ce "muna taya ku", ba a ɗora wa kowa bikin da ba nasa ba. Idan Sallar Layya ta zo kuma Kirista ne mai magana, haka zai juya ta.

Kafin ka aika da gaisuwarka, karanta ta a fili, ka ɗauka limamin unguwarku da fasto suna zaune gabanka. In ɗayansu zai yi shiru wurin cewa amin, koma ka gyara.