Ƙishirwa, yawan fitsari da rama: alamu uku da ke nuna ciwon sukari

Zuwa gare ku iyaye mata, da ku wakilan lafiya na gari waɗanda aka fi sani da rele.

A ƙasarmu ƙishirwa ba abin mamaki ba ce, musamman a bazara, cikin watannin Afrilu da Mayu. Rama ma mun saba ganinta, kuma da zarar yaro ya rame sai hankali ya tafi ga tamowa, ko zawo, ko zazzaɓin cizon sauro. Shi kuwa fitsari, kunya ba ta barin a yi zancensa. Saboda haka kowace alama daga cikin ukun nan tana iya wucewa ba a kula ba. Amma idan suka haɗu a jikin mutum ɗaya a lokaci ɗaya, yaro ne ko babba, abin da ya kamata a fara tunani shi ne ciwon sukari, kuma a auna jini ba tare da jinkiri ba.

Yadda alamun uku suke haɗuwa

Tuwo, fura, shinkafa, rogo da duk abinci mai gari, idan suka narke a ciki, sukari suke komawa, su shiga jini. Sukarin nan shi ne makamashin jiki, kamar yadda itace yake ga murhu. Sai dai ba ya iya fita daga jini ya shiga tsoka sai da taimakon wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke bayan tumbi take samarwa. Idan insulin ya ƙare, ko ya kasa aiki yadda ya kamata, sukari sai ya taru a cikin jini, tsoka kuma ta zauna da yunwa.

Ƙoda ita ce matatar jini. A jikin mai lafiya tana mayar da sukari duka cikin jini, ba ta barin ya fita. Amma idan ya zarce kimanin giram 1,8 a kowace lita ta jini, ƙoda takan gaza riƙe shi, sai ya zube cikin fitsari. Kuma sukari ba ya fita shi kaɗai, yana jan ruwa ya tafi da shi. Kin san yadda sukari yake jiƙewa idan aka bar shi a buɗe lokacin damina. Haka yake jawo ruwan jiki zuwa mafitsara, fitsari ya yawaita dare da rana.

Ƙishirwa daga nan take tasowa. Jiki yana neman ya mayar da ruwan da ya rasa, shi ya sa mutum yake sha ba ya ƙoshi, bakinsa kuma a bushe. Mutane da yawa suna ɗauka yawan shan ruwan ne ya kawo yawan fitsarin, alhali fitsarin ne ya fara, ƙishirwa ta biyo baya.

Rama kuma ta hanya biyu take zuwa. Abincin da aka ci yana zubewa cikin fitsari ba tare da ya amfani jiki ba. Tsoka kuma, da yake ba ta samun sukari, sai jiki ya koma yana cin kitsensa da namansa. Wannan ne dalilin da ya sa za a ga mutum yana cin abinci sosai, wani lokaci fiye da da, amma kullum sai ƙara ramewa yake yi, ga kasala.

Yadda za a bambanta da zafi, zawo da tamowa

Tambayar da ta fi taimakawa ita ce yawan fitsari. Wanda zafin rana ya sa shi ƙishirwa, fitsarinsa kaɗan ne, launinsa ya yi duhu, domin ruwan ta gumi ya fita. Yaron da zawo ya ƙarar wa ruwa, shi ma fitsarinsa raguwa yake yi. Mai ciwon sukari kuwa, ga baki a bushe, ga ido ya faɗa, amma fitsari na zuba da yawa, kuma fari tas kamar ruwa. Jiki a bushe tare da fitsari mai yawa alama ce da ba a wasa da ita.

A lura kuma da bambanci tsakanin yawan zuwa fitsari da yawan fitsarin kansa. Mace mai ciki takan yawaita zuwa, amma kaɗan-kaɗan take yi, domin ciki yana danne mafitsara. Mai ciwon mafitsara shi ma kaɗan-kaɗan yake yi, tare da zafi ko raɗaɗi. A ciwon sukari kowane zuwa da yawa ake yi. Babban mutum mai lafiya yakan yi lita 1 zuwa 2 a yini da kwana. Idan ya wuce lita 3, ya fita daga ƙa'ida. Ba sai an auna ba: tashi sau uku ko huɗu kowane dare, da shan ruwa a duk tashi, ya isa ya sa a yi tambaya. Mai shayarwa takan ji ƙishirwa, wannan daidai ne, muddin fitsarinta bai yawaita haka ba kuma ba ta ramewa.

A tamowa yawanci akwai dalilin da ake gani: ƙarancin abinci a gida, yaye, ko rashin lafiyar da ta hana yaro ci. Idan abinci yana nan, yaro yana ci, ba ya zawo, ba ya tari, amma yana ramewa, a tambayi uwa game da ruwa da fitsari kafin a yanke cewa tamowa ce.

Misali daga aikin rele

A ɗauka wata uwa ta kawo ƙaramin ɗanta awon dantse, tare da ita akwai ƴarta mai shekara 9. Rele ta lura yarinyar ta sha moɗa biyu na ruwa kafin a gama awo, ta kuma zagaya bayan gida sau biyu. Sai ta tambaya: "Inna, tun yaushe take shan ruwa haka?" Uwar ta ce kusan sati uku ke nan, kuma ta koma fitsarin kwance bayan ta daina tun tana shekara 4, har an yi mata faɗa a kai. Ta ƙara da cewa tururuwa tana taruwa a inda yarinyar ta yi fitsari. Abinci kuwa tana cinye nata, ta nemi ƙari.

Da aka ɗora ta a sikeli, kilo 23 aka samu, alhali wata biyu da suka wuce kilo 26 take. Alamu uku sun cika, ga fitsarin kwance da tururuwa suna ƙara ƙarfafa zato. Rele ba ta ce a jira a gani ba. Ta rubuta takardar turawa a ranar, ta bayyana alamun da tsawon lokacinsu da nauyin da aka rasa. A gidan likita aka soki ɗan yatsa, aka ɗiga jini a na'urar awo, cikin ƙasa da minti ɗaya ta nuna giram 3,8 a lita. Aka wuce da yarinyar babban asibiti, aka fara mata allurar insulin. A irin wannan hali, cikin ƴan kwanaki ƙishirwa da fitsari suke raguwa, nauyi kuma ya riƙa dawowa a makonnin da ke biye.

Da an ɗauke ta a matsayin mai tamowa, aka ƙara mata kunu mai sukari da lemon kwalba don ta yi ƙiba, da sukarin jini ya ƙara hawa, fitsari ya ƙaru, rama ta tsananta.

Abin da awon jini yake faɗa

Alamu suna nuna hanya ne kawai, awon jini ne yake tabbatarwa. Idan mutum ya kwana bai ci komai ba na aƙalla awa 8, sakamakon giram 1,26 a lita ko sama da haka yana nuna ciwon sukari, kuma likita yakan sake awon wata rana don ya tabbatar. Idan kuwa alamun nan uku suna nan, ana iya awo a kowane lokaci, ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma giram 2 ko sama da haka ya isa. Don haka kada a mayar da yaro mai alamun gida a ce ya dawo gobe da safe kafin ya karya. Wasu na'urori da miligiram suke ƙirgawa, sai su nuna 126 a madadin 1,26, ko 200 a madadin 2.

Yaro da babba ba gudu ɗaya ciwon yake yi musu ba

A yara da matasa yawanci jiki ne yake daina samar da insulin gaba ɗaya. Alamun suna bayyana cikin kwanaki ko ƴan makonni, kuma ba shan alewa ne ya jawo ba, ba kuma sakacin uwa ba ne. Maganinsa allurar insulin ce kowace rana. Jiƙon ɗaci, na maɗaci ne ko na dogon yaro, ba ya maye gurbinta.

Idan aka yi jinkiri, kitsen da jiki yake ƙonawa yana barin guba mai tsami a cikin jini. Yaro sai ya fara amai da ciwon ciki, numfashinsa ya yi zurfi da sauri, bakinsa yana warin ƴaƴan itacen da suka nuna suka zarce, daga nan barci mai nauyi, sai suma. Sau da yawa ana ɗaukar wannan a matsayin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko ciwon haƙarƙari. Abin da zai fahimtar da likita shi ne labarin makonnin da suka gabata, don haka ki faɗa masa ƙishirwar da fitsarin ko bai tambaya ba. Wannan hali yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, ko da dare ne a tafi.

A manya, galibi daga shekara 40 zuwa sama, insulin yana nan amma aikinsa ya raunana. Ciwon yakan yi shekaru ba a sani ba, kuma lokacin da alamun uku suka fito sukari ya riga ya hau sosai. Tare da su akan ga hazo-hazo a ido, gyambon da ya ƙi warkewa, maruru masu dawowa, ko ƙaiƙayin gaba ga mata. Matar da ta taɓa haihuwar jariri mai nauyin kilo 4 ko fiye, da wanda iyayensa ko ƴan'uwansa suke da ciwon, su fi kowa lura. Mace mai ciki da ta ga alamun ta nemi awo a ranar, kada ta jira ranar awon ciki.

Abin yi kafin a isa gidan likita

Kada a hana mai ƙishirwa ruwa da nufin rage fitsari ko hana fitsarin kwance. Fitsarin ba zai tsaya ba, jiki ne zai ƙara bushewa. A ba shi ruwa tsabtatacce gwargwadon buƙatarsa, a tafi da wani a hanya. A dakatar da lemon kwalba, shayi mai sukari da zuma, amma kada a hana shi abinci, kuma jariri ya ci gaba da shan nono. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a garzaya da shi. Kada a ba mara lafiya ƙwayoyin sukarin wani, ko na masu tallar magani a kasuwa.

Ku rele, ku riƙe tambayoyi uku ga duk wanda kuka ga ya rame, da kuma yaron da ake ba abincin tamowa yana cinyewa amma nauyinsa ya ƙi hawa. Yana shan ruwa fiye da yadda ya saba? Yana tashi fitsari da dare, ko ya koma fitsarin kwance? Yana ramewa alhali yana ci? Idan amsar biyu daga ciki e ce, ku tura shi awon jini. Idan yaro ne, ko akwai amai ko saurin numfashi, a ranar za a tafi.