Hoton ciki a farkon makonni: me ake gani, kuma yaushe?

A ɗakin awo muna yawan ganin mace ta zo da farin ciki saboda gwajin fitsari ya nuna tana da juna biyu, amma da aka yi mata hoton ciki sai ma'aikaciya ta ce: "Ba mu ga komai ba tukuna, ki dawo bayan mako ɗaya ko biyu." Wasu su koma gida da kuka, suna zaton cikin ya lalace. Wasu su ce na'urar ba ta aiki, daga nan ba su ƙara dawowa ba. Mafi yawan lokuta abin da ya faru shi ne an zo da wuri. Sai dai a wasu lokutan, waɗanda ba su da yawa, wannan "ba mu ga komai ba" gargaɗi ne da ya shafi ran mace. Shi ya sa muka ga ya kamata mu yi bayani a natse.

Hoton ciki shi ne abin da 'yan Najeriya ke kira sikanin, ma'aikatan da suka yi karatu da Faransanci kuma suna ce masa eko. Na'urar tana tura wani sauti da kunne ba ya ji zuwa cikin jiki, sautin ya bugi abin da ke ciki ya dawo, sai na'urar ta mayar da shi hoto. Ruwa yana fitowa baƙi, nama yana fitowa fari ko ruwan toka. Ba irin hoton ƙashi ba ne, ba ya ƙona komai, kuma ba ya zubar da ciki.

Gwajin fitsari da hoton ciki ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Gwajin fitsari yana gano wani sinadari da jiki ke fara fitarwa da zarar ciki ya kama, kuma yakan nuna tun ranakun farko na ɓatan wata. Yana cewa akwai ciki, shi ke nan. Ba ya faɗin inda cikin ya zauna, ko yana raye, ko makonsa nawa, ko tagwaye ne. Waɗannan aikin hoto ne. Amma hoto sai abu ya kai girman da za a gan shi, don haka gwajin fitsari yakan riga shi da mako ɗaya ko biyu.

Yadda muke ƙirga makonni

A gida ana ƙirga ciki da wata, daga lokacin da aka yi ɓatan wata. Mu a asibiti muna ƙirgawa da mako, kuma muna farawa daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, wato ranar da jini ya fara zuwa, ba ranar da ya ɗauke ba. Ga macen da al'adarta ke zuwa duk kwana 28, cikin yana shiga ne wajen mako biyu bayan wannan rana. Saboda haka ranar da ta sa ran ganin jini ba ta gani ba, a lissafinmu cikinta ya riga ya kai mako 4. Duk makonnin da za mu ambata a ƙasa da wannan lissafi ne. Idan kin ga an rubuta SA a takardarki, misali 7 SA, ma'anarsa mako 7 daga al'adar ƙarshe.

Abin da ke fara bayyana

Akwai hanya biyu ta ɗaukar hoton. Ta farko a kan mara, bayan an shafa wani mai mai sanyi. Ana so mace ta sha ruwa ta riƙe fitsari, domin mafitsara idan ta cika tana taimakawa a hango mahaifa da kyau. Ta biyu ta gaba ce, da wani siririn kan na'ura da ake sa wa sabuwar roba ga kowace mace, kuma a nan ana so a yi fitsari tukuna. Wannan ta fi kusa da mahaifa, don haka tana ganin abu wajen mako guda kafin ta kan mara ta gan shi. Ba ta taɓa cikin, iyakarta bakin mahaifa daga waje. Ba a yin ta sai da yardarki, kuma kina da damar neman mace ta yi miki, ko wata 'yar'uwarki ta tsaya kusa.

Abu na farko da ake gani ba jariri ba ne. Wata 'yar jakar ruwa ce, baƙin ɗigo mai farin zobe kewaye da shi, a cikin mahaifa. Ta hanyar gaba tana fara fitowa tsakanin mako 4 da rabi zuwa mako 5, girmanta milimita 2 zuwa 3, kamar ƙwayar gero. Tana ƙaruwa da kusan milimita 1 kowace rana.

Wajen mako 5 da rabi sai wani ƙaramin zobe ya bayyana a cikin jakar, wanda ke ciyar da ɗan tayi kafin mabiyiya ta kama aiki. Wannan zoben muke jira, domin shi ne ke tabbatar mana cewa jakar ta ciki ce ta gaskiya kuma a mahaifa take. Kafin ya fito, ɗan ruwa ko jinin da ya taru a mahaifa yana iya yin kama da jaka ya ruɗi mai dubawa.

Wajen mako 6 ake ganin ɗan tayin kansa a gefen zoben, bai wuce ƙwayar shinkafa ba, da wani ɗan ƙyaftawa a tsakiyarsa. Bugun zuciya ke nan. A lokacin yana bugawa sau 100 zuwa 120 a minti, ya hau zuwa sau 140 zuwa 170 wajen mako 9. Idan a kan mara ake dubawa, yawanci sai mako 7 ake ganinsa sosai, wani lokaci har mako 8 idan mace tana da jiki ko mahaifarta ta karkata baya. A wannan mataki gani ake yi, ba ji ba. 'Yar na'urar hannu da ungozoma ke ɗorawa a mara a ji bugu ba ta kama shi sai wajen mako 10 zuwa 12, ƙahon awo kuwa sai wajen wata biyar. Haka nan ba a gane namiji ne ko mace a waɗannan makonni, kada wani ya karɓi kuɗinku a kan haka.

Misali da kwanakinsa

Mu ɗauki mace mai shayarwa, wadda al'adarta ta dawo amma tana jinkiri, sai bayan kwana 35 take zuwa. Al'adarta ta ƙarshe ta fara ranar 3 ga Maris. Ranar 9 ga Afrilu gwajin fitsari ya nuna ciki. A lissafin kalanda mako 5 ne da kwana 2, ya kamata a ga jaka. An duba a kan mara, an duba ta gaba, babu komai sai bangon mahaifa da ya yi kauri. Ba ta jin ciwo, ba ta zubar da jini. Aka faɗa mata alamun haɗari, aka ce ta dawo bayan mako guda.

Ranar 16 ga Afrilu aka ga jaka mai milimita 6 a cikin mahaifa, da ɗan zobe a ciki. Ranar 30 ga Afrilu aka ga ɗan tayi mai tsawon milimita 11, zuciyarsa na bugawa. Wannan tsawo na mako 7 da 'yan kwanaki ne, alhali kalanda na cewa mako 8 da kwana 2. Babu abin da ya samu cikin. Ƙwanta ne ya fita a makare da mako guda, shi ya sa a zuwan farko cikin bai kai girman gani ba. Sai aka gyara ranar da ake sa ran haihuwa daga 8 ga Disamba zuwa 15 ga Disamba.

Irin wannan ya yi yawa a tsakaninmu. Shayarwa, allurar tazarar haihuwa da aka daina, rashin lafiya, ƙarancin abinci da tashin hankalin gudun hijira duk suna rikita al'ada, kuma wadda ta baro gida a guje ba lalle ta riƙe rana ba. Idan ba ki tuna ba, ki ce ba ki tuna ba, ko ki danganta da wani abu: kafin rabon abinci, bayan sallah, farkon wata. Hakan ya fi ki faɗi ranar da ba ita ba. Tsawon ɗan tayi, wanda ake rubutawa CRL ko LCC, shi ne ma'auni mafi inganci na shekarun ciki a wata ukun farko, kuskurensa bai cika wuce kwana 5 zuwa 7 ba.

Yaushe ake cewa ciki ya daina girma?

Ba a yanke wannan hukunci da gaggawa. A hoton da aka yi ta gaba, sai ɗan tayi ya kai milimita 7 babu bugun zuciya, ko jaka ta kai milimita 25 babu ɗan tayi a ciki. Idan bai kai haka ba, ana sake dubawa bayan mako ɗaya zuwa biyu a ga ko an samu ci gaba. Don haka kada a sha jiƙo ko maganin wankin ciki saboda hoto ɗaya ya ce ba a ga bugu ba. Idan kuma an tabbatar ya daina girma, ba kwanciya ya yi ba da zai tashi daga baya. A zauna da ma'aikatan lafiya a zaɓi yadda zai fita lafiya, don gudun zubar jini da ƙwayoyin cuta.

Idan cikin ba a mahaifa yake ba

A cikin kowane ciki 100, ɗaya ko biyu kan zauna a wajen mahaifa, galibi a bututun da ƙwai ke bi. Gwajin fitsari zai nuna ciki, mace za ta ji laulayi kamar kowa, amma mahaifa wayam. Bututun ba ya iya ɗaukar girman ciki, yana iya fashewa, jini ya zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. A farko, hoton wannan da na cikin da aka duba da wuri suna iya zama iri ɗaya. Wannan ne dalilin da ya sa muke nacewa a dawo ranar da aka rubuta a kati, ko da mace tana jin ƙalau. Inda akwai hali, ana auna sinadarin ciki a jini sau biyu, kwana biyu tsakani, a ga yadda yake hawa.

Masu gida da iyaye, a kula da wannan. Idan mace mai ɓatan wata ta ji ciwon mara mai tsanani, musamman a gefe guda, ko ta ga jini, ko ta ji ciwo a kan kafaɗa, ko jiri, ko ta yi fari fat da zufa mai sanyi, ko ta suma, kada a jira ranar komawa kuma kada a jira gari ya waye. A kai ta asibitin sansani nan take, ko a sanar da ma'aikacin lafiya na unguwarku a nemi mota. Da isa, a fara gaya wa ma'aikata cewa ta yi ɓatan wata, a miƙa musu katin awo da takardar hoton da aka yi a baya.