Sharpe ko Treynor: Wane Ma'auni Ya Dace da Mai Jari a Wurare da Dama?

Riba kaɗai ba ta isa a raba gardama tsakanin asusun zuba jari biyu, sai an duba kasadar da aka yi kafin a same ta. Jack Treynor ya fito da nasa ma'aunin a 1965, William Sharpe ya biyo baya a 1966. Mafarinsu ɗaya: a cire ribar da ake samu ba tare da kasada ba, irin ta takardun bashin gwamnati na gajeren wa'adi, daga ribar asusun. Wurin raba abin da ya rage ne suka sha bamban.

Sharpe yana rabawa da dukkan hawa da saukar ribar asusun, ko me ya jawo ta. Treynor kuwa da beta yake rabawa, wato gwargwadon yadda asusun ke bin motsin kasuwa baki ɗaya. Beta 1 na nufin tare suke tafiya, a 0.8 kuwa, idan kasuwa ta faɗi da kashi 10, ana sa ran asusun ya faɗi da kusan kashi 8.

A ce takardun gwamnati na ba da kashi 10. Asusun farko, wanda ya tattara kuɗinsa a kamfanoni kaɗan, ya kawo kashi 22, hawa da saukarsa kashi 24, betarsa 0.8. Na biyu ya baza kuɗi ko'ina, ya kawo kashi 19, hawa da sauka kashi 15, beta 1.

```
Sharpe:  12/24 = 0.5    9/15 = 0.6
Treynor: 12/0.8 = 15    9/1 = 9
```

Sharpe ya zaɓi na biyu, Treynor ya zaɓi na farko, kuma babu wanda ya yi kuskure. Saɓanin nasu alama ce cewa yawancin tangal-tangal ɗin asusun farko daga 'yan kamfanoninsa take fitowa, kamar gobara a masana'anta ko shugabanci maras kyau. Wanda duk abin da ya mallaka ke cikin wannan asusu, a kansa za ta ƙare, don haka Sharpe ne nasa. Wanda kuwa ya riga ya rarraba jarinsa, asusun ɗan yanki ne kawai a dukiyarsa. Faɗuwar wannan kamfani takan haɗu da tashin wancan su kashe juna, abin da ya rage masa shi ne kasadar kasuwa, wadda rarrabawa ba ta maganinta. A ganina Treynor ne ya fi dacewa da shi.

Sai dai beta tana da sharaɗi. Da wata kasuwa ake auna ta, saboda haka asusun da ya fi riƙe takardun bashi, in aka gwada shi da kasuwar hannun jari, betarsa za ta kusa sifiri, lissafin Treynor ya kumbura ba gaira ba dalili. Kafin ka yarda da adadin, tambayi mai kula da asusun wace kasuwa aka ɗauka ma'auni, kuma lissafin shekaru nawa ne.